Buhu Arba'in, Kaji Ɗari Biyar

Ƙi-gudu ake ce masa, kuma ba a banza ya ci sunan ba. Shekarar da annoba ta faɗa wa kaji a yankin, kowa ya wanke hannunsa ya koma noma, shi ya haƙa rami ya binne ɗari uku da hannunsa, ya wanke ɗakin da toka da ruwan zafi, ya zuba wasu. Shekarar da guguwa ta ɗauke masa kwanon rufi, a cikin ɗakin kwanansa ya tara kajin, shi da matarsa suka koma zaure. Bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa a takarda sai an nuna masa. Amma ka miƙa masa kaza, ya ɗan shafa ƙashin bayanta da yatsu biyu, zai gaya maka ko tana ƙwai ko cin banza take yi. Irin mutanen nan ne da yanzu ba a yin irinsu.

Kajin ƙwai ya sani, shekara talatin da ɗoriya. Kazar ƙwai kuwa idan ta girma cinta ɗaya ne, abin da ta ci yau shi za ta ci gobe, shi za ta ci wata mai zuwa. Ka san yawan bakunan, ka san abin da suke lashewa a rana, ka san kwanakin da kake so sito ya ɗauke ka, to ka gama. Da tsakuwa yake wannan lissafin, kuma bai taɓa kwana da kaza mai yunwa ba.

Gidan yana hayin kogi. Gadar da ke haɗa su da gari ta siminti ce, a kwance take ƙasa-ƙasa, ba ta da ƙarfen gefe. Duk shekara idan damina ta yi tsakiya ruwa kan hau kanta ya zauna kamar wata guda, kuma wurin duwatsu ne, kwalekwale ba ya shiga. Saboda haka duk mai abin ciyarwa a wannan hayin yakan cika sitonsa kafin ruwa ya hau.

A bana kajin da ke cikin dogon ɗakin ba nasa ba ne. Tun bara gwiwa ta hana shi, ya sayar da na ƙwan. Na Auta ne, 'yarsa ta ƙarshe, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da yara biyu. Babur ɗin da mamacin ya bari ta sayar, ta sayi 'yan tsaki ɗari biyar na nama, fararen nan masu saurin girma, don su isa sayarwa daidai buɗewar hanya. Ba kuma don sha'awa ta yi ba. Baffan yaran, yayan mijinta, ya zo ya zauna a zauren nan ya faɗa a gaban kowa cewa idan hanya ta buɗe bai ga sana'ar da za ta riƙe yara da makarantarsu ba, zai tafi da su gidansa. Ba da faɗa ya faɗa ba. Ƙi-gudu ya dube shi ya ce, "Je ka, ɗan nan. Ranar da ka dawo, nama za ka ci har ka rasa wurin zama."

Ranar da suka shiga gari sayen abinci, 'yan tsakin suna da kwana goma. Sama ta yi baƙi ta gabas, kowa na gaggawa. A shagon mai abincin kaji an jera buhuna har rufi, kowanne kilo ashirin da biyar, ƙurar garin masara na shiga hanci.

"Baba Ƙi-gudu, sannu da hanya. Nawa za a ɗora?"

"Arba'in. Goma na ƙanana, talatin na manya."

Mai shagon ya cire biro daga bayan kunne ya tsaya. "Ɗari biyar fa ka ce min. Wata guda kuma. Baba, arba'in ba za ta kai ku ba. Ka ɗauki tamanin."

Tsohon ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa. "Ka ji ɗan kasuwa! Tamanin? Jimina nake kiwo? Yaro, da idona na auna, kwana biyu a jere. Buhu ɗaya suke cinyewa a rana. Ko ba haka ba, Auta?"

"Haka ne, Baba. Giram hamsin kowacce, na ɗora a sikeli."

"To ka ji. Buhu ɗaya a rana, kwana talatin, buhu talatin. Na ƙara goma saboda girma. Ina kuma sauran magana?"

"Waɗannan ba irin naka na ƙwai ba ne, Baba. Cinsu hawa yake kullum."

"Tun kana tsumman goyo nake zuba wa kaji abinci. Na taɓa jin maganar irinku na cika sito a damina, abinci ya yi fumfuna, ya dunƙule kamar bulo, na zuba musu, suka yi ta faɗuwa. Wa ya zo ya taya ni binnewa? Kai?"

Wannan kuwa gaskiya ce. Abincin kaji ba ya son ɗanshi, idan ya daɗe a ɗaki mai gumi guba yake zama, kuma Ƙi-gudu ya ga haka da idonsa. Mai shagon ya juya wurin Auta, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Abin da ya rage a ƙullin zanenta zai iya ɗaukar wasu buhunan, ko da ba su kai tamanin ba, amma ba ta taɓa gyara wa mahaifinta magana a gaban mutane ba.

"A mota ma na ce masa girma suke yi," ta faɗa a hankali.

"Na ce miki goman nan na mene ne?"

Aka ɗora arba'in. A gida tsohon ya sa aka shimfiɗa katako a sito, aka jera buhunan nesa da bango, biyar-biyar, ya kulle, ya rataya mabuɗin a wuyansa. Washegari da hantsi ruwa ya hau gada.

Makon farko lafiya lau. Kajin suka zubar da gashin tsaki, suka yi fari fat, ƙafafu kamar an dasa. Ƙi-gudu yakan ja kujera bakin ƙofa yana nuna wa duk mai wucewa. "Dubi ƙirji! Dubi cinya! A hayin nan wa ya taɓa ganin irin wannan?" Kullum da safe ya buɗe sito ya ba Auta buhu, da la'asar ta dawo ta ce mazubai sun bushe, ya buɗe ya ƙara mata rabi. Daga nan rabin ya zama ɗaya.

"Baba, yau biyu suka ci."

"Ci ai lafiya ce. Kaza mai ci ita ce kaza."

"Ka bar ni in ƙirga na sito."

"Sito na hannuna. Je ki wanke mazubin ruwa."

Ba wai bai gani ba. Shi ke shiga, shi ke ganin katakon ƙasa na fitowa layi bayan layi. Amma a ransa yana cewa cin nan zai tsaya, dole ya tsaya, kowace kaza da ya sani takan kai wani wuri ta tsaya.

Ranar da ruwa ya cika mako biyu a kan gada, Auta ta biyo shi har cikin sito ba ta nemi izini ba. Ta bi buhunan da yatsa. Sha shida.

Ta zauna a kan katako. Ba ta yi kuka ba, ta dai ciro waya daga ƙugunta ta shiga danne-danne.

"Baba, jiya buhu biyu da rabi suka ci. Giram ɗari da ashirin da biyar ke nan kowacce. Idan muka bar su duka, kwana shida abincin nan ya ƙare. Mu kuma saura kwana sha shida."

"Ruwa na iya sauka da wuri."

"Ka taɓa ganin ya sauka a kwana ashirin?"

Ta sake duba wayar, ta ci gaba.

"Buhu ɗaya yanzu kaza ɗari biyu yake ciyarwa a rana. Buhu sha shida, kwana sha shida. Ɗari biyu za mu iya riƙewa, Baba, shi ma idan ba mu ƙara musu ko cokali ba, alhali gobe sun fi yau ci. Ɗari uku sai a yanka. Yau."

"A yanka? Kazar da ko tafin hannuna biyu ba ta cika ba? A sayar wa wa? Mutanen hayin nan da ke auna hatsi da gwangwani?" Ya miƙe yana dafa bango. "Annoba ba ta kore ni ba, guguwa ba ta kore ni ba, sai ruwan kogi? Ki ba ni kwana biyu. Abinci zai ƙetaro."

"Kowace rana buhu biyu da rabi ce, Baba."

"Na ce kwana biyu."

Kuma ya yi abin da ba kowane tsoho zai yi ba. Ya sa ta kira mai shago a waya, aka turo buhu goma da mota har bakin ruwa ta can hayin. Ya tara samari huɗu masu iyo, ya sa aka ɗaure jarkoki shida da igiya aka ɗora ƙyauren katako a kai. Rana ta farko gaba ɗaya a ƙetarar da igiya ta tafi, sau uku ruwa na dawo da mai iyon can ƙasa wajen duwatsu, gwiwarsa na jini. Tsohon yana tsaye cikin ruwa har cinya, da sandarsa, yana daka musu tsawa.

"Ja, kai! Ubanka a nan ya koyi iyo, ni na riƙe masa ciki!"

Rana ta biyu aka naɗe buhu biyu a leda aka ɗora. Ƙyauren ya taho lafiya har tsakiya, sai wani kututture ya zo ya daki gefensa, ya kife. Buhu ɗaya ko ganinsa ba a sake yi ba. Ɗayan igiya ta riƙe shi, aka jawo, ledar ta yage, abin da ke ciki ya zama taɓo. Saurayin da ke riƙe da ƙyauren ya sha ruwa, da ƙyar aka ciro shi, aka kwantar da shi a kan yashi ana danna masa ciki. Uwarsa ta zo da gudu ba ɗankwali.

"Ƙi-gudu, ɗana za ka kashe saboda kaji? Ka shiga da kanka mana, tunda kai ruwa na tsoronka!"

Samarin suka kwance igiyarsu. Direban da ke can hayin ya ɗaga hannu, ya juya da buhu takwas.

A gida ya tarar Auta ta jera kaji tara a bakin ƙofa. Da safen nan da ta shiga da abinci suka yi kanta gaba ɗaya, na baya suka hau na gaba, na ƙasa suka mutu a wurin. Sauran suna ta zagaye mazubai suna saran roba, wasu sun fara tsattsage gashin 'yan uwansu.

Ya wuce kai tsaye ɗakin matarsa, inda buhu biyu na masarar gida suke a bayan ƙofa. Tsohuwar ta riga shi, tana zaune a kan ɗaya.

"Tashi."

"Ba zan tashi ba, Malam."

"A ɓarza a ba su. Kwana uku zai ƙara mana."

"Kwana uku su, mu kuma wata biyu. Jikokinka gashin kaza za su ci? Shekara arba'in ina binka duk inda ka ce, har zaure na kwana saboda kaji. Wannan kam sai dai ka ɗauke ni tare da buhun."

Ya tsaya yana dubanta. Wandonsa na ɗigar da ruwa a kan tabarma. Ya juya ya fita.

A tsakar gida ya zauna a ƙasa, ya cire mabuɗin daga wuyansa ya miƙa wa Auta. Ta je ta dawo.

"Sha ɗaya."

Ya debi tsakuwa. Kowane buhu ya raba shi huɗu, ya jera tsakuwa arba'in da huɗu. Ya ja layi sha huɗu a ƙasa da yatsa, kwanakin da suka rage. Ya bi layukan yana ajiye uku-uku, biyu suka rage a hannunsa.

"Kashi uku cikin huɗu na buhu a rana," ya ce. "Baki nawa ke nan?"

Ta danna waya. "Ɗari da hamsin."

"Shekaranjiya kin ce ɗari biyu."

"Shekaranjiya sha shida ne."

Ya juya tsakuwa biyun a tafin hannunsa, ya jefar.

"Kawo wuƙa da dutsen washi. Ki shiga ki zaɓi naki ɗari da hamsin, masu tsayuwa da ƙafa, masu faɗin ƙirji. Ki raba ɗakin da buhunan banza. Sauran ki bar min."

Da wani ne, da ya zauna yana salati yana jiran maƙwabta su zo jaje. Shi kuwa da asuba ya sa aka hura wuta uku, aka ɗora tukwanen ruwa, ya aika gida-gida cewa duk mai hannu ya zo da roba. Ya ɗaure gwiwarsa da tsumma, ya zauna a kan turmi a bayan ɗakin kaji. Ana miƙo masa, yana bismilla, yana yankawa, yana jefawa cikin rami. Ɗari uku da arba'in da ɗaya. Da ya fara gajiya wani maƙwabci ya ce a ba shi ya karɓe shi.

"Kai ka kiwata su? Matsa."

Auta ce ke kamowa. Ta san su, akwai wadda take kira Gurguwa, akwai mai bin ta duk inda ta yi. Tana miƙowa tana kallon wani wuri. Mata na fige gashi, farin gashi ya rufe tsakar gida ya manne da laka, jini ya bi ruwan sama ya gangara har bakin hanya. Da aka fige su sai ka ga ba komai, ɗan nama kamar na tantabara babba.

Gidajen hayin ba su kai arba'in ba, ba wuta balle firji. Kowa ya ɗauki abin da tukunyarsa za ta ci, wasu suka ce za su biya idan kaka ta yi, wasu suka kawo kwanon dusa, wasu godiya kawai. Abin da ya saura aka shanya a kan wayar ƙarfe bisa hayaƙi. Amma itace jiƙe yake, sama ba ta ɗauke ba, kwana uku naman ya fara yauƙi, wari ya hana kowa zama a gidan. Ƙi-gudu ya ɗauki fartanya ya faɗaɗa ramin.

Ɗari da hamsin ɗin suka zauna a kan awo. Kullum Auta ta ɗora a sikeli, ta raba biyu, safe da yamma, kafin ta gama zuba na ƙarshe na farko ya bushe. Kaza mai son giram ɗari da tamanin ana ba ta ɗari da ashirin da biyar, ba ta mutuwa, amma ba ta yin nama. Suka yi tsawo, suka yi ƙashi, suna bin ƙafarta da sara.

Kwana talatin suka cika, ruwa bai sauka ba. Aka kakkaɓe buhuna, aka share ƙasan katako, aka haɗa da dusar maƙwabta da yankakken ganye. Sai a kwana na talatin da huɗu bakin gada ya fito.

Mota ta farko da ta ƙetaro ta mai sayen kaji ce, da kejinan roba a baya. A gaba, kusa da direba, baffan yaran ne zaune da jaka a cinya.

Ɗari da talatin da takwas suka rage. Mai sayen ya ɗaga ɗaya ta fukafukai, ya taɓa ƙirjin, ya taɓe baki.

"Baba, waɗannan azumi suka yi?"

"Ka ɗora a sikeli ka daina surutu. Da naka ne suka ga abin da waɗannan suka gani, da tuni sun zama taki."

Aka auna, aka biya. Abin da aka miƙa wa Auta ba zai sake cika ɗakin da 'yan tsaki da abincinsu ba, kowa a wurin ya sani. Baffan ya leƙa dogon ɗakin, ya ga rabinsa a share, ya leƙa sito ya ga katako. Ya gaida tsohon da ladabi, har da durƙusawa, ya yi jaje. Sannan ya ce wa Auta, murya ƙasa-ƙasa, an kusa komawa makaranta, gara a tafi yau tunda ga mota.

Ƙi-gudu ya buɗe baki. "Ɗan nan, ka ba mu zuwa kaka. Ni da ka gani, sau uku ina tashi daga..."

"Baba," in ji Auta. "Ya isa."

Ta shiga ɗaki ta haɗa kayan yaran a buhun abincin kaji, wanda ta wanke ta shanya tun shekaranjiya. Ta ɗora ƙaramar a cinyar baffanta, babban ya matsa kusa da giyar mota. Ta gyara wa yarinyar ɗankwali, ta ce su riƙa gaida matar baffa da safe, kada su yi ƙiwuya.

Motar ta tashi, kajin na kuka a baya. Tsohon ya bi ta da sanda har bakin gada, yana ɗaga murya yana gaya wa direba ya bi ta hannun dama, hagu akwai rami. Direban bai ji ba, ya riga ya ɗaga gilashi.